Yatsa shida da rubutun da ba ya karantuwa: tambayoyi da amsoshi kan hotunan ƙirƙirarriyar basira

Aikina ɗab'i ne. Shagonmu yana Accra New Town, unguwar masu buga takardu, gida kuma a Nima. Muna buga bana, fosta, katin ɗaurin aure da na suna, da kalandar makarantun Islamiyya. Tun wajen 2023 mutane suka fara shigowa da hoto a waya, wanda ƙirƙirarriyar basira ta zana musu, su ce a buga. Idan na buɗe shi a babban allo na nuna musu hannun ko rubutun, tambayoyin da suke yi kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan, tare da na yaran da ke koyon aiki a wurina, na amsa gwargwadon abin da na karanta da abin da hannuna ya taɓa.

Malam, fuskar ta fito kamar ta mutum sak. To me ya hana hannun fitowa haka?

Sai an fara sanin yadda injin yake yin hoton. Ba ya zana ƙashi sannan ya ɗora nama ya rufe da fata. Yawancin injinan da suka yi suna daga 2022, irin su Stable Diffusion da DALL-E 2 da Midjourney, suna farawa ne daga tarkacen ɗigo-ɗigo marasa ma'ana, irin abin da tsohuwar talabijin ke nunawa idan tasha ta ɗauke. Daga nan injin yana share wannan hazo kaɗan-kaɗan, galibi sau 20 zuwa 50, kowane karo yana cankar abin da ya fi dacewa ya bayyana a kowane wuri. Ka tuna safiyar hunturu: da farko inuwar gini kawai kake hangowa, can sai ƙofa, can sai mutumin da ke zaune a bakinta. A zagayen farko ake yanke inda kai yake da inda hannu yake. Ƙananan abubuwa sai daga baya, kuma a lokacin an riga an tsayar da babban tsari, da wuya a koma a rushe shi.

Abin da injin ya koya daga ɗimbin hotunan da aka nuna masa shi ne me ke yawan zama kusa da me. Fuska tana da sauƙi a wannan koyo. Ido biyu a sama, hanci a tsakiya, baki a ƙasa, kuma mai ɗaukar hoto fuskar yake nema, ita yake sa wa haske, ita ce a tsakiya. Hannu kuwa yana da ƙashi 27, yana dunƙulewa, yana buɗewa, yana riƙe kofi, yana shiga aljihu. A wani hoton yatsa biyar ake gani, a wani uku, a wani babban yatsa kaɗai ya leƙo daga bayan waya. Saboda haka darasin da injin ya fi kamawa shi ne: kusa da yatsa, yawanci akwai wani yatsan. Wannan darasi gaskiya ne, sai dai bai faɗi inda za a tsaya ba. Babu wani mai ƙirge a cikin injin da zai ce an kai biyar, ya isa.

Ƙari a kan haka, bayanin da ke rakiyar hotunan koyo ba ya maganar hannu. An rubuta "mace tana sayar da abinci a kasuwa", ba wanda ya rubuta cewa yatsunta huɗu suna kan ludayi, babban yatsa yana ƙasa.

Na ji ana cewa matsalar ƙanƙanta ce. Ƙanƙanta kamar yaya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin amsarta lissafi ce da kowa zai iya bi, kuma ita ce ta canza yadda nake aiki.

Mu ɗauki Stable Diffusion na farko, wanda aka saki a watan Agusta 2022, tunda a buɗe yake, kowa na iya duba cikinsa. Yana yin hoto mai ɗigo 512 a faɗi, 512 a tsawo. Amma share hazon ba a kan waɗannan ɗigogi ake yi ba. Don a rage wa kwamfuta nauyi, ana matse hoton sau takwas ta kowane gefe, ya koma gurbi 64 a faɗi da 64 a tsawo, kamar gurabun dara. Kowane gurbi yana wakiltar ɗigo takwas-takwas, wato 64, kuma lamba huɗu kacal yake riƙewa a kansu. Sai an gama aiki a kan gurabun nan wani sashe na injin yake buɗe su, ya mai da su cikakken hoto.

Yanzu ga aikin da aka taɓa kawo mini. Wata Hajiya mai sayar da waakye a unguwarmu ta so bana don sabon wurinta. Ɗanta ya yi hoton da wani inji na wancan zamanin: mace a tsaye tun daga kai har ƙafa, tana riƙe da ludayi, a bayanta allo da sunan abinci. Matar ta ci wajen ɗigo 450 na tsawon hoton. Tsawon hannun mutum daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na tsayinsa, wato ɗigo 45 a nan. Kaurin yatsa kuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne, wato ɗigo huɗu zuwa biyar. Gurbi ɗaya ɗigo takwas ne. Ka ga ke nan yatsa bai cika ko gurbi ɗaya ba. Yatsa biyu suna cunkushe a gurbi guda, tare da inuwar da ke tsakaninsu. Dukan hannun bai wuce gurbi shida a tsawo da uku a faɗi ba. A cikin wannan ɗan fili ake son a raba yatsa biyar, kowanne da gaɓoɓinsa da farcensa, ga kuma mariƙin ludayi ya ratsa ta tsakiya.

Abin da ya fito shi ne abin da lissafin ya nuna. Yatsu biyu sun narke sun zama ɗaya mai kauri, akwai wani guntu da ya tsiro daga gefen tafin hannu, mariƙin ludayin ya shiga ta sama bai fito ta ƙasa ba. A waya ba ka ganin komai, hoton ya yi kyau ƙwarai. Hajiya da kanta ta gano shi da na faɗaɗa a allo. Ta ce, "Malam, wannan hannun ba zai zuba wa mutane abinci da sunana ba." Kuma gaskiyarta.

Akwai wani ɓangaren lissafin. Lokacin koyo, ana auna kuskuren injin a kan dukan hoton ne a dunƙule. Hoto mai 512 sau 512 yana da ɗigo 262,144. Hannun nan, 45 sau 25, ɗigo 1,125 ne, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan injin ya ɓata hannu ya gyara sama da bango da zane, ma'aunin zai ce ya yi ƙoƙari. Idon mutum ba haka yake auna ba. Mu tun muna jarirai hannu muke kallo, yatsa ɗaya ya ƙaru sai mu ji wani abu a jiki kafin ma mu ƙirga.

Masta, idan na rubuta masa "yatsa biyar" a umarnin fa?

Yana ɗan taimakawa a wasu injinan, a wasu kuma yana ƙara ɓatawa, domin ambaton yatsu yana jawo hannun gaba, ya sa a cika hoton da shi. Sashen da ke karanta umarni a tsofaffin injinan, wanda ake kira CLIP, ya san cewa ana maganar yatsu, amma rauninsa a ƙirge sananne ne. Gwada ka ce ya zana ƙwai bakwai a faranti, ka ƙirga abin da zai ba ka. Haka ma akwatin `Negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so ya fito, wanda yara ke cikawa da `extra fingers`: yana rage yawan ɓarnar, ba ya kawar da ita.

Wane irin hannu ne ya fi ba shi wahala?

Duk inda hannu biyu suka haɗu. Musabaha ita ce kan gaba, domin yatsa goma na mutum biyu suna wuri ɗaya, kuma dole a san na wane ne kowanne. Sai hannuwan da aka ɗaga ana addu'a, sai ango yana sa wa amarya zobe, sai yatsu a kan tasbaha. Lalle yana ƙara dagula lamarin, tunda zanensa layuka ne masu kama da iyakar yatsa, injin sai ya rikita zanen da gefen yatsan. Abin takaici, waɗannan su ne ainihin hotunan da mutanenmu suka fi nema a katin biki.

To rubutu fa? Me ya sa allon shago yake fitowa da haruffan da ba na kowane harshe ba?

Dalili biyu ne suka haɗu a nan, ɗaya a wajen karanta umarni, ɗaya a wajen zane.

Na farko: injin ba ya karanta kalma harafi-harafi. Ana yanka umarnin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ba ta lamba. Kalmar Turanci da ta yawaita tana zama gunduwa ɗaya, wato lamba ɗaya tak. Injin ya san wannan lamba tana tafiya da hotuna iri kaza, amma ba a nuna masa a fili cewa a cikinta akwai harafi kaza sannan kaza ba. Kamar mutumin da bai yi makaranta ba ne, amma ya daɗe a tashar mota: ya san kamannin allon motar Madina da na Kaneshie, yana gane su daga nesa, sai dai idan ka ba shi fenti ka ce ya rubuta, zai yi maka abin da ya yi kama da rubutu, tsawonsa daidai, launinsa daidai, haruffan kuwa ba su ba ne. Kalmominmu sun fi shan wahala. "Waakye" ko "ƙosai" ba su da yawa a abin da aka koya wa injin, sai a farfasa su ƙananan gutsattsari da ba su da alaƙa da wani hoto tsayayye.

Na biyu shi ne gurabun nan da muka lissafa. Allon da ke bayan matar a banar Hajiya ya ci wajen ɗigo 160 a faɗi. An so a rubuta "WAAKYE DA KIFI", wurin harafi 14 ke nan idan an haɗa da tazara biyu. Kowane harafi ya samu ɗigo 11, gurbi ɗaya da ɗan ƙari. Bambancin E da F guntun layi ne ɗaya a ƙasa, kaurinsa bai wuce ɗigo biyu ba. Abin da ya fito a allon ya fara da W, ya ninka A har uku, sauran kuwa wasu ƙugiyoyi ne kawai.

Kuma rubutu ba ya yafiya. Idan ganyen bishiya ya karkace, har yanzu ganye ne. Idan gajimare ya canza siffa, ba wanda zai ce an yi kuskure. Harafi kuwa ya rasa layi ɗaya, ya zama wani harafin ko ya tashi daga harafi gaba ɗaya. Ka sa tsohon inji ya zana ƙofar Black Star da ke Dandalin 'Yanci, za ka ga ginin da tauraron sun fito da kama, amma FREEDOM AND JUSTICE da ke rubuce a samanta shi ne zai fara tona asiri.

Sababbin injinan ai suna rubutu daidai yanzu. Ko ba haka ba?

Sun ci gaba sosai, kuma dalilin ci gaban yana tabbatar da bayanin da ke sama. Tun 2022 masu binciken Google suka nuna da injinsu mai suna Imagen cewa idan aka sa babban sashen karanta harshe, irin T5, injin yana bin umarni da kyau, rubutu ma yana gyaruwa. SDXL, wato Stable Diffusion na 2023, ya koma ɗigo 1024, gurabunsa suka zama 128 sau 128, wato yatsa da harafi sun samu ninkin wurin da suke da shi a da ta kowane gefe. Stable Diffusion 3 da Flux na 2024 sun ƙara lambobin kowane gurbi daga huɗu zuwa 16, don haka ƙananan layuka suna tsira daga matsewar. A ɓangaren hannu ma, Midjourney na biyar da ya fito a Maris 2023 ya rage yawan yatsa shida ƙwarai.

Saboda haka yau babban take na Turanci mai kalma biyu ko uku yakan fito lafiya. Inda har yanzu nake ganin tuntuɓe a shago: ƙananan rubutu na can baya, dogon jerin farashi, lambar waya, lambar mota, da rubutun jikin trotro da ba kai ka ba da umarninsa ba, injin ne ya cike wurin da kansa.

Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, me ya sa suke ɓacewa?

Saboda injin ya ga k sau ba adadi, ƙ kuwa ɗan kaɗan. Idan yana share hazo ya iso wurin, abin da ya fi sabawa da shi ne yake rinjaye, ƙugiyar ta faɗi. Ga mai karatu kuwa ƙugiyar nan ita ce ma'anar. Ƙafa daban, kafa daban. Ɗaki daban, daki ba komai ba ne. Maƙwabtanmu masu Twi da Ga suna fama da irin wannan a kan ɛ da ɔ, sau da yawa injin yana mai da su e da o, ko ya juya su.

Malam, za a iya sa shi ya zana aya ko addu'a da Larabci a jikin fosta?

A shagona ba ma yi, kuma ina roƙon duk mai wannan sana'a kada ya yi. Rubutun Larabci yana tafiya daga dama zuwa hagu, haruffa suna haɗuwa, siffar harafi tana canzawa gwargwadon inda ya zauna a kalma, kuma ɗigo ne kawai yake raba ba da ta da sa, ko jim da ha da kha. Ɗigon nan ya fi yatsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Injin yana iya fitar da abin da ya yi kama da kyakkyawan rubutun hannu, mai lanƙwasa da ado, wanda idan ba ka tsaya ka karanta ba za ka rantse aya ce. An taɓa kawo mini kalandar makaranta da irin wannan a samanta. Na kira wani malamin allo da ke kusa da mu ya duba, ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya ce babu kalma ɗaya cikakkiya a ciki. Da an buga, da ta shiga ɗakunan iyayen yara a rataye ta a matsayin Alƙur'ani. Ajami ma haka, ko ma fiye, tunda abin da injin ya gani na ajami bai taka kara ya karya ba.

Aya a ɗauko ta daga rubutaccen mushafi da aka tabbatar, a ɗora da manhajar tsara shafi, sannan mai ilimi ya karanta kafin a buga.

Me ke faruwa da bayan hoto? Tayil, tagogi, sahun sallah, duk suna farawa daidai sannan su rikice.

Abin da ake maimaitawa yana da doka. Mai saƙa kente a Bonwire yana saƙa ƙyalle siriri mai faɗin kusan inci huɗu, yana ƙirga zare, yana maimaita zanen a tazarar da ya sani, sannan a ɗinka ƙyallayen gefe da gefe yadda zanen zai yi ta amsa juna. Birkila yana ja da igiya. Mai tayil yana da ma'auni. Injin ba shi da igiya kuma ba ya ƙirga zare. Yana tabbatar da cewa kowane ɗan yanki ya yi kama da kente, kuma ya yi kama da maƙwabcinsa. Idan kuskure ɗan kaɗan ya shiga tsakanin yanki da yanki, yana taruwa, kafin a kai ƙarshen zanen layin ya kauce, ƙyalle biyu sun haɗe, ko zanen ya sauya ba tare da ɗinki ba. Haka batakari: ratsin yana saukowa daga kafaɗa, ya shiga ninki, ya fito da wani launi.

Nisa yana ƙara wahalar. Tayil ɗin da ke gabanka yana da faɗin ɗigo 60, na bayansa 45, haka yake ta raguwa bisa ƙa'ida. Akwai inda zai sauka ƙasa da ɗigo takwas, wato ƙasa da gurbi ɗaya, daga nan injin ba shi da wurin ajiye layukan, sai su narke su zama taɓo-taɓo. Shi ya sa hoton sallar Idi yake fitowa da sahun gaba lafiya, sahu na biyar fuskoki sun fara lalacewa, na can baya kuwa huluna ne kawai a kan wani abu mai kama da mutane.

Wuri na uku shi ne inda mutum ya tsaya a gaban layi. Katanga ta shiga bayansa ta hagu, dole ta fito ta dama a tsayi ɗaya. Mu mun san katanga ɗaya ce. A wurin injin yankuna biyu ne da jiki ya raba, kuma sau da yawa ɗayan yana fitowa sama da ɗayan. Duba wayar lantarki, bakin tebur, ƙarfen baranda da igiyar shanya, za ka sha ganin haka.

Na sa a yi mini dogon hoto don bana, sai mutumin ya fito da kai biyu. Wannan kuma fa?

Ka nemi girman da ya wuce wanda aka koya wa injin. Wanda ya saba da 512 sau 512, idan ka ce ya yi 512 sau 1024, yakan cike ƙarin filin da maimaita abin da ya sani: wani kan, wani ƙirjin, wata hasumiyar. Yi hoton a girman da injin ya saba, sannan ka faɗaɗa shi daga baya.

Yaya aka ƙare da banar Hajiya? Ana iya gyara irin wannan?

An gyara, kuma matakan su ne nake koya wa yara.

Da farko mun sake tsara hoton. Maimakon mace tun daga kai har ƙafa, muka ɗauko ta daga ƙugu zuwa sama. Wannan kaɗai ya ninka girman hannun fiye da sau biyu, yatsa ya tashi daga ɗigo biyar zuwa sama da goma. Muka kuma sauƙaƙa abin da hannun yake yi: ɗaya yana riƙe da ludayi a dunƙule, ɗayan yana bayan tukunya ba a ganinsa. Muka yi hoto takwas muka zaɓi wanda ya fi kusa.

Na biyu, gyaran yanki. A manhajar da muke amfani da ita akwai `Inpaint`: kana shafa wurin da ya lalace, injin ya sake zana shi kaɗai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zaɓin `Only masked`. Idan ka kunna shi, ana yanko wurin, a faɗaɗa shi ya cika dukan filin aikin, a zana, sannan a mayar da shi mazauninsa. Yanki mai ɗigo 128 idan ya koma 512 ya ninku sau huɗu, yatsa mai ɗigo goma ya zama 40, wato gurbi biyar. Yanzu akwai wurin gaɓa da farce. `Denoising strength` muna sa shi tsakanin 0.4 da 0.6. Idan ya yi ƙasa sosai, yatsan da ya ƙaru yana nan daram. Idan ya haura, injin yana zana wani hannun dabam da bai dace da damtsen ba, launin fata ma ya bambanta. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in fara goge yatsan da ya ƙaru da hannuna, in shafe shi da launin abin da ke bayansa ko da bai yi kyau ba, sannan in bar injin ya gyara gefunan.

Idan siffar hannun ta ƙi, akwai ControlNet, wanda ya fito a 2023. Kana ɗaukar hoton hannun mutum na gaske a yanayin da kake so, a ciro zanen gefunansa ko zurfinsa, injin ya bi wannan. Ka ba shi igiyar birkilan da ba shi da ita ke nan. Hannun da ke banar Hajiya a yau siffar hannun 'yarta ce riƙe da ludayin gidan.

Na uku, allon. Muka nemi a bar shi fari, da umarni kamar haka:

```
blank white signboard, no text
```

Sannan muka rubuta sunan abinci da lambar waya a CorelDRAW, da salon haruffan da ke ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ, irin Noto Sans. Bangon tayil da ke bayanta kuma muka sa shi ya ɗan dusashe kamar yadda kyamara ke yi, layukan da suka kauce suka daina jan ido.

Me ya sa sai an buga sannan ake ganin aibin?

Bana mai faɗin ƙafa shida inci 72 ce. Hoto mai ɗigo 1024 idan aka shimfiɗa shi a kanta, kowane inci yana samun ɗigo 14 kacal, yatsan da ba ka lura da shi a waya ba ya kai girman na mutum ko ya fi. Manhajar faɗaɗa hoto ba ta cire yatsa na shida, tana ƙara masa kyau da kaifi ne. Don haka gyara kafin faɗaɗawa, kuma a duba a babban allo, yanki-yanki.

Idan aka turo mini hoto a WhatsApp, ƙirga yatsu ya isa in gane na inji ne?

Bai isa ba, ta fuska biyu. Hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi mai kumburi, wanda ya zagaya duniya a Maris 2023, na Midjourney ne, kuma hannun da ke riƙe da kofi yana cikin abin da ya tona shi. Amma injinan yau sukan fitar da yatsa biyar lafiya, saboda haka hannu mai kyau ba shaidar gaskiya ba ce. Ta ɗaya fuskar kuma, akwai cindo na gaske, mutanen da Allah ya halitta da yatsa shida, kuma hoton gaske da aka ɗauka hannu yana motsi, ko aka yi ta turawa har ya dusashe, yana iya nuna yatsu a narke. Kada a ƙaryata mutum a kan wannan kaɗai.

Ni yadda nake dubawa, ina barin tsakiyar hoton, inda injin ya fi ƙwarewa, in tafi gefe. Ina karanta ƙaramin rubutun da ke can baya, allon shago ko lambar mota. Ina bin layi ɗaya, katanga ko waya, in ga ko ya fito daidai bayan ya ratsa bayan mutum. Ina duba inda hannu ya taɓa wani abu: mariƙin kofi, madaurin jaka, ƙafar tabarau a kan kunne. Ina kwatanta 'yan kunne biyu, da maɓallan riga, da fuskokin sahu na uku. Alama ɗaya ba ta isa hukunci, amma uku ko huɗu a hoto guda suna da nauyi. Idan hoton yana da'awar wani abu ya faru a wuri sananne, kamar Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, sai in nemo hoton wurin na gaske in jera su: hasumiyoyinsa huɗu ne, kuma tagoginsa suna da tsarin da ba ya canzawa daga wannan hoto zuwa wancan.